Durofshifin daga Garwa: ina ribar take maƙalewa, kuma me ya sa jiran kaya ke cinye ɗan abin da ya rage

Jama'a, wannan sana'ar ta durofshifin da samarinmu ke ta rububi a kanta daga Ngaundere har Kusiri ba ƙarya ba ce, ana yin ta kuma akwai masu ci da ita, amma yadda ake tallata ta cewa wai ba jari ba asara, waya kawai da data ka fara kwasar kuɗi, wannan kam ba haka abin yake ba, kuma yana damuna ƙwarai in ga yaro ya tara ɗan kuɗinsa na acaba ko na ɗinki ya zuba a ciki bai taɓa zama ya yi lissafin oda ɗaya tak daga farko har ƙarshe ba.

Asalin tsarin mai sauƙi ne. Kai ba ka da shago ba ka da sito, hoton kaya kawai ka ɗauko daga wajen mai kayan, galibi ɗan kasuwar Sin a AliExpress ko 1688 ko irinsu CJdropshipping, ka sa a shafinka na Facebook ko TikTok ko matsayin WhatsApp da farashin da ka ƙara naka a kai. Mai saye ya biya ka, kai kuma ka ɗebi wani kaso daga kuɗin ka biya mai kayan, shi ya naɗe ya tura kai tsaye zuwa ga wanda ya saya, abin da ya rage a tsakani shi ne naka. Kamar dillanci ne, sai dai dillaliyar unguwa kayan na cikin ƙullinta, a taɓa a gwada, in bai shiga ba ta mayar wa mai shi da yamma ba ta yi asarar komai ba, kai kuwa ba ka taɓa riƙe kayan a hannu ba amma in ya zo a karye ko bai zo ba sam, ba wanda ya san wani Basine, kai aka sani, lambarka ake kira.

To a Turai da Amurka inda abin ya yi ƙarfi, mutum ya buɗe shago a Shopify ya haɗa shi da manhajar da ke tura oda wa mai kaya da kanta, mai saye ya biya da kati, ma'aikacin gidan waya ya ajiye ƙunshin a ƙofar gida mai lamba da sunan titi. Mu nan fa? A Rumde Ajiya ko Marware wa zai rubuta lambar gida, kwatance ake yi, bayan masallaci kusa da mai niƙa. Shi ya sa yawancin masu yi a nan ba ainihin wancan suke yi ba, suna sa mai kayan ya tura wa sito na kamfanin kargo a birnin Guwanzu na Sin da sunansu da lambar wayarsu a jikin kwali, kargo ya haɗa da kayan wasu ya ɗora a jirgin sama zuwa Duwala ko Yawunde, ya fitar daga duwan, daga nan a saka a bas na ajans ya hauro arewa, ka je tasha ka karɓa ka ba ɗan moto ya kai wa mai shi. Ka ga kenan hannu ya yi yawa, kuma kowane hannu da kayan ya bi sai ya ɗauki kuɗi kuma sai ya ɗauki kwanaki.

Bari mu ɗauki kaya guda mu bi shi. A ce ƙaramar fanka ce mai caji, irin ta kan tebur, wadda duk wanda ya san zafin Garwa na Maris da Afrilu ga ɗauke wuta ya san za ta samu masu so. Lambobin da zan sa misali ne na lissafi, kowa ya cire ya sa na gaskiyar da aka ba shi a ranar, amma tsarin ba ya canzawa. A ce mai kaya ya bar maka ita sefa 5,500 har zuwa siton kargo, kai kuma ka sa ta 16,000 a talla. Da ido za ka ce kai, ribar 10,500 kenan a kan guda, kuma wannan lambar ce masu koyar da abin a bidiyo suke nunawa su tsaya a nan.

Abu na farko da ke ba sabon shiga mamaki shi ne kargon sama ba nauyin sikeli kawai yake dubawa ba, yana duba wurin da kwalin ya cinye a cikin jirgi. Ana auna tsawo da faɗi da tsayi a santimita a ninka su a raba da 6,000, wasu kamfanonin da 5,000 suke rabawa, abin da ya fito shi ne nauyin girma, sai a kwatanta shi da na sikeli a caje ka a kan wanda ya fi yawa. Fankar nan a sikeli giram 400 ce, amma kwalinta 20 da 15 da 12 ne, in ka ninka ya ba ka 3,600, ka raba da 6,000 ya zama kilo 0.6. Ga kuma batirin litiyam a cikinta, kaya mai batiri yana da nasa layin daban a jirgi saboda haɗarin gobara, kuɗinsa ya fi na tufafi ko takalmi. A ce kargo ya ce kilo 8,000 har da fitarwa daga duwan, to fankarka ta ci 4,800 a hanya, kusan kuɗin sayenta kenan. Ka ƙara 1,000 rabonta na bas daga Duwala, 500 na ɗan moto, wani 500 ɗin na katin banki da canjin dala da kuɗin cirewa a Orange Money ko MTN MoMo, wanda tun 2022 har da harajin gwamnati na kashi 0.2 a kan turawa da cirewa. Mun kai 12,300.

Saura talla, kuma nan ne mutane suka fi yaudarar kansu domin ba sa sa shi a lissafi. In ka zuba 10,000 a tallan Facebook mutum hamsin za su iya rubuto maka "nawa ne", wasu su ce a rage, wasu su ce sai ƙarshen wata, a ƙarshe biyar su biya, to kowane mai saye ya tsaya maka a kan 2,000 kenan. Jimla 14,300. Ribar da ta fara da 10,500 ta dawo 1,700, kashi 10 da ɗoriya cikin ɗari, kuma ban sa datarka ba, ban sa yinin da ka ɓata kana amsa saƙo ba.

Mutum zai ce to a ƙara farashi mana, a sa 20,000. Nan ne gizo ke saƙar. Hoton da ka ɗauka ba naka ba ne, duk mai waya zai iya ɗaukar irinsa yau ɗin nan ya sa 15,000, ba abin da ya tsare ƙofar shiga, kuma abin da ya sa sana'ar ta yi maka sauƙin farawa shi ne dai ya sa ta yi wa mutum ɗari sauƙi. In kun yi yawa a kan kaya ɗaya farashin sayarwa ya sauka, kuɗin talla kuma ya hau, don tallan Facebook gwanjo ne, masu neman idon mutanen Garwa ɗin nan in suka ƙaru kowa sai ya ƙara biya. Mai sayen ma ba yaro ba ne, zai iya saka hoton a AliExpress ya ga kuɗin da ka saya.

Amma babban abokin gasarka ba ɗan'uwanka mai waya ba ne, Alhajin babbar kasuwa ne mai sauke kaya ta ruwa. Shi ba guda-guda yake saye ba, katan ɗari yake ɗauka daga masana'anta ko kasuwar Yiwu ta Sin, a ce fankar ta tsaya masa 4,000. A jirgin ruwa da girman wuri ake caji, wato sibiyem, mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, fankar nan kashi 0.0036 ce ta sibiyem ɗaya, ko da an ce masa sibiyem 300,000 ne to ita ta ci 1,080 kawai, inda kai ka biya 4,800. Bai biya Facebook ko sisi ba. Zai iya ajiye ta a gaban shago a 10,000 ya ci ribar da ta fi taka, mai saye ya kunna ya ji iskar a fuskarsa ya biya ya tafi da ita a take. Kenan mai durofshifin yana saye a farashi mafi tsada, yana jigila ta hanya mafi tsada, abin da ya tsira da shi kawai shi ne bai daskarar da jari a sito ba. Shi ya sa a ganina abin ba ya tafiya sai a kan kayan da bai riga ya shigo kasuwa ba, mara nauyi, mara girman kwali, kuma ko shi ɗin na ɗan lokaci ne, da zarar ya karɓu manyan 'yan kasuwa za su cika gari da shi.

Yanzu mu zo kan jira, wanda shi ne ainihin abin da ke karya mutane. Kwanakin da ake rubutawa a shafin mai kaya ƙiyasi ne, kuma yawanci ba daga ranar da ka biya suke farawa ba, akwai kwanakin haɗa kaya tukuna, shi kansa mai kayan sau da yawa ba shi da su a hannu, shi ma wajen wani zai je ya ɗauko, wato durofshifin a kan durofshifin. Daga nan kwalin ya yi tafiyar cikin Sin zuwa siton kargo, a sito ya zauna jiran a tara kayan da za su cika tafiya, in mai batiri ne jiran ya fi tsawo don ba kowane tashi ake ɗaukar su ba. Tashin jirgin shi kansa ba wani abu ba ne, kwana ɗaya biyu. Sai duwan, kuma tunda kayanka a haɗe yake da na mutane da yawa a takarda ɗaya, in kwalin wani ya samu matsala duka ake riƙewa, kai da ba ka yi komai ba ka zauna. Sai hanyar arewa, wanda duk ya bi ta ya san gangaren Falez bayan Ngaundere, in kuma mai sayen a Kusiri yake ko a tsallaken gadar Ngeli a Njamena, ga hanyar Mora zuwa Dabanga da damina, ga wani duwan ɗin na Cadi. Daga Duwala zuwa Njamena kusan kilomita 1,800 ne. Kowane mataki in ya zame da kwana biyu uku ba a ganin kamar wani abu ne, amma in ka tara su sai sati biyun da ka yi wa mutum alkawari ya zama sati biyar. Wanda kuma ya bi ta gidan waya don gudun kuɗin kargo, nasa jiran ya fi haka, ga yiwuwar a kira mai saye a ce ya zo ya biya duwan kafin a ba shi, domin kayan masarufi a ƙasashen CEMAC harajin shigowarsu na kaiwa kashi 30, ga TVA ta Kamaru kashi 19.25 a kai, mutumin da ka ce masa 16,000 ne komai da komai ba zai yafe maka wannan ba.

Akwai kuma kalandar Sinawa da ya kamata duk mai wannan harka ya haddace. Sabuwar shekararsu tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu su rufe ma'aikata su tafi garuruwansu, sati biyu ko fiye ba abin da ke motsi, in an dawo kuma oda ta taru ana bin layi. Akwai hutun makon farko na Oktoba, akwai cunkoson rangwamen 11 ga Nuwamba. Duba yadda na farkon ya zauna daidai bakin lokacin zafinmu: wanda ya fara tallan fanka a tsakiyar Fabrairu ya karɓi kuɗin mutane, kayansa na iya kwana a Sin har cikin Maris. Haka abin yake da kayan Sallah, jakar mata ko agogon da ya iso kwana uku bayan Idi ya riga ya rasa rabin darajarsa a idon wadda ta saya don ranar.

Mu koma lissafinmu mu ga me jiran ke yi masa. A ce ka samu oda 20, in komai ya tafi daidai ribarka 34,000. Kaya ya makara, a sati na huɗu mutum uku suka ce sun gaji a mayar musu da kuɗinsu, ɗaya ma ya riga ya saya a kasuwa, da kayan ya iso kuma guda ɗaya ba ta caji. Kuɗin mutum 16 ne ya tabbata a hannunka, 256,000, alhali ka kashe wajen 286,000 a kan ashirin ɗin. Ka shiga ramin 30,000 kenan, da fanka uku a ɗaki. In ruwan Mayu ya sauka gari ya yi sanyi ka samu ka karyar da su 9,000 kowace, ka maido 27,000, har yanzu da sauran giɓi, aikin wata biyu ya tafi a banza. Abin lura shi ne oda ɗaya da ta lalace tana tafiya da 14,300, wato ribar oda takwas da ɗoriya. Mai ribar kashi 40 zai iya shanye irin wannan ya wuce, mai kashi 10 ba zai iya ba. Mayar wa mai kaya kuwa sai dai a faɗa da baki, kuɗin tura fanka ɗaya daga Garwa zuwa Sin ya ninka kuɗinta, kuma in ta kargo ka bi, a wajen dandalin da ka yi sayayyar kayan ya isa tun ranar da sito a Guwanzu ya sa hannu, lokacin shigar da ƙorafi na iya ƙarewa kayan na kan hanya ba ka ma buɗe kwalin ba.

Sai maganar wa zai fara sakin kuɗi. Mutanenmu sun sha cuta a yanar gizo, da gaskiyarsu in suka ce sai sun gani za su biya. Amma in ka yarda da haka to ka fita daga durofshifin ɗin da aka ce ba jari, kuɗinka ne zai kwana a hanya wata guda, kuma wanda bai ajiye ko sisi ba ba abin da zai hana shi kashe waya ranar da ɗan moto ya isa. In kuma ka karɓi kuɗi duka tun farko, amana ce a wuyanka, kullum sai an kira ka, "malam ina kayana", kuma a gari irin Marwa ko Garwa da kowa ya san kowa, mace ɗaya ta faɗa a gurup ɗin matan unguwa cewa ka riƙe mata kuɗi ya isa ya rufe maka kasuwa. Mafi muni shi ne abin da wasu ke faɗawa ciki ba da niyya ba, su ɗauki kuɗin sabuwar oda su mayar wa tsohon mai saye, gobe ma haka, ramin na ƙara zurfi. Masu tambayar malamai ma a kan wannan gaɓar ake tsayawa, akwai hani a kan mutum ya sayar da abin da ba ya wajensa, cinikin salam kuma da aka yarda a biya kafin kaya ya zo an gindaya masa sharaɗin a san siffar kayan sarai a kuma san ajalin da za a kawo shi. To wanda ya ce "sati biyu" alhali bai taɓa gwada hanyar ba, wane ajali ya sani?

Ana iya gane matsala tun da wuri in mutum na lura. Lambar bin sawu da mai kaya ya ba ka, saka ta a shafin bin sawun kaya na 17TRACK ko a shafin kamfanin jigilar, in kwana huɗu biyar suka wuce ba ta nuna an karɓi ƙunshin ba sai dai an buga takarda kawai, to kayan bai bar hannunsa ba, wataƙila ma ba shi da shi, ya ba ka lambar ne don kada lokacin da dandali ya ɗibar masa ya ƙare. Kafin ka biya ka ce ya ɗauko maka bidiyon kayan a sitonsa da awon kwalin da nauyinsa, wanda yake da kaya a hannu cikin awa kaɗan zai turo, mai kewaye-kewaye kuwa ka bar shi. Wajen kargo kuma kada ka tambayi "kwana nawa", ka tambayi wace rana kayan batiri ke tashi, kuma kwanakin da suke faɗa daga isowa sito ake ƙirgawa ko daga tashin jirgi, kuma har Garwa ne ko a Duwala suka tsaya, ka kuma roƙa su buɗe su kunna kayan a can kafin su ɗora ko da za su caje ka wani abu.

Ni abin da nake gaya wa ƙannena shi ne kada ka tallata abin da ba ka sayi guda ɗaya da kuɗinka ka bi shi har hannunka ba. Wannan gudan shi zai gaya maka kwanakin gaskiya da kuɗin gaskiya, da shi za ka yi bidiyonka na kanka maimakon hoton da kowa ke da shi. In ya ɗauki kwana 24, ka ce wa masu saye kwana 35, ka rubuta musu ranar a saƙo, ka kuma rubuta cewa in ranar ta wuce kuɗinsu na nan za ka mayar ba gardama. Wasu za su gudu da jin 35, gara su gudu yanzu da ba ka sayo musu komai ba. Karɓi kafin alƙalami da zai rufe aƙalla kuɗin kaya da na kargo, a misalinmu wajen 10,300 kenan, sauran in kaya ya iso, kuma daga kowace riba ka ware wani abu gefe don odar da za ta lalace, domin za a samu.

In ka ga kaya ya karɓu, oda na shigowa a kai a kai, to lokacin barin guda-guda ya yi, ka sayo 30 ko 50 ka ajiye a ɗaki ka riƙa kaiwa a yini ɗaya, talla ɗaya zai fi kawo maka masu biya don ba wanda za ka ce wa ya jira. Wanda kuma ba shi da ƙarfin haka ya duba kusa, akwai masu sari a kasuwar Mbopi ta Duwala da 'yan kasuwarmu masu ɗauko kaya daga Kano da za ka iya shiryawa da su, ka sayar su saka a bas da sunan mai saye. Ribar guda ba za ta fi ta Sin ba, wani lokacin ma ta gaza, amma kwana biyu zuwa huɗu kayan ya iso, in ya zo da matsala akwai wanda za ka kira da yaren da kuke ji ku biyu, kuma bas ɗin da ya kawo shi zai iya mayar da shi a canzo wani.